Godiya a ranar sutanas: wa za a ambata, kuma a ina?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Zinder, nan da mako uku zan yi sutanas, wato zan kare memuwar ɗina, kundin bincikena na masta a fannin ilimin ƙasa, kuma minti 20 aka ba ni in yi bayani a gaban juri. Bincikena a kan raguwar ruwan rijiyoyin lambu ne a Gidimuni. Sunan wani babban farfesa ne a bangon memuwar a matsayin darakta, amma sau huɗu kaɗai na zauna da shi, wani ƙaramin malami ne ya karanta kowane babi ya gyara mini. Wata ƙungiya ta karɓe ni estaj, wato koyon aiki, ta ba ni mota da na'urar awon zurfin ruwa. Abokin karatuna ne ya zana mini taswirori, masu lambu 120 sun amsa tambayoyina, kawuna ya biya mini kuɗin karatu tun daga lisans, maigidana kuma ya riƙe yara duk lokacin da nake ƙauye. Na rubuta jerin godiya ya kai suna 31, da na gwada karantawa sai ya ci minti 5. Malam, wa zan bari, wa zan cire, kuma a farko zan yi godiyar ko a ƙarshe? Ina tsoron ɓata wa wani rai.

Wata ɗaliba, daga Garin Malam

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah Ya ba da sa'a.

Kada ki yaga wannan jeri, domin babu wanda bai cancanci godiya ba a cikinsa, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Abin da ya wahalar da ke shi ne kin tara kowa a wuri ɗaya, alhali ranar sutanas tana da wuraren godiya daban-daban, kowane wuri da mutanensa. Akwai shafukan farko na memuwar, waɗanda ba su cin ko sakan ɗaya daga lokacinki. Akwai gaisuwar buɗe baki, akwai ƙasan kowace taswira da kowane jadawali, akwai diyapo ɗaya, wato shafin da ake haskawa a kan allo, kusa da ƙarshe, sannan akwai lokacin da juri ya riga ya faɗi sakamako. Idan kika ajiye kowa inda ya dace da shi, godiyar da za ki yi da baki a cikin minti 20 ɗin ba za ta kai minti ɗaya da rabi ba, kuma babu wanda zai koma gida yana jin an manta da shi.

Na matsa a kan lokaci ne saboda abin da na gani da idona. Wata shekara ina zaune a cikin juri, wani ɗalibi mai ƙwazo ya tashi ya fara da godiya, ya bi malaman sashe ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan malamansa na firamare, ya ambaci kakarsa har muryarsa ta yi rawa, zauren ya yi tsit. Da ya gama, agogon da shugaban juri ya ajiye a kan tebur ya nuna minti shida sun tafi. Daga nan ya shiga sauri, yana tsallake diyapo, kuma lokacin da aka ɗaga masa hannu cewa saura minti biyu bai ma iso ga sakamakon bincikensa ba. Aikin shekara guda ya taƙaita a jimla uku yana haki. Juri bai ji haushin godiyar ba, amma juri maki yake bayarwa a kan matsalar bincike, da hanyar da aka bi, da abin da aka gano, da yadda ɗalibi ya riƙe lokacinsa, kuma duk abin da ba a gabatar ba sai ya dawo a matsayin tambaya mai zafi.

Ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina. Ki ɗauki kowane suna ki tambayi kanki: da a ce wannan mutum bai yi abin da ya yi ba, shin abin da ke rubuce a cikin memuwar zai canza? Wanda ya gyara hanyar bincike, wanda ya ba da na'ura ko alƙaluma ko kuɗin aikin fili, wanda ya zana taswira, wanda ya amsa tambayoyi, duk hannunsu yana cikin sakamakon, don haka juri yana da haƙƙin ya san su, ya kuma san abin da kowa ya yi. A gaban juri godiya wani nau'i ne na faɗin gaskiya a kan yadda aka yi aikin. Wanda kuwa ya tallafe ki ke kanki, ya ciyar da ke, ya yi miki addu'a, ya rage miki nauyin gida, alherinsa zai iya fin na farkon girma a wurin Allah, amma bai shiga lissafin da juri ya zo yi ba, kuma wurinsa yana can gaba.

Gaisuwar buɗe baki ta juri ce kaɗai, kuma sakan 30 sun ishe ta. Idan al'adar sashenku ta saba da farawa da sunan Allah, ki fara a taƙaice. Sannan ki fuskanci shugaban juri ki gaishe shi da muƙaminsa, ki gaishe da sauran mambobi a dunƙule, ki gode musu da suka karɓi karanta aikin suka kuma ba ki damar gabatar da shi, ki gaishe da mahalarta da kalma ɗaya, sai ki faɗi taken bincikenki. Ko da da Faransanci za ki faɗa, ma'anar ba ta wuce wannan ba: “Mai girma shugaban juri, masu girma mambobin juri, ina gode muku da kuka amince ku duba wannan aiki. Zan gabatar muku da bincike a kan ruwan rijiyoyin lambu a Gidimuni.” Kada ki shiga yabon mambobin ɗaya bayan ɗaya kina ambaton zurfin iliminsu da tawali'unsu, domin har yanzu ba su yanke miki hukunci ba, kuma yabon alƙali kafin shari'a yana kama da neman sassauci ko da ba haka kike nufi ba. Na sha ganin malami ya sunkuyar da kai yana wasa da alƙalami saboda kunyar irin wannan yabo.

Batun malaman nan biyu shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Ki fara da fahimtar dalilin da ya sa sunan babban yake a bango. A jami'o'inmu ana hawa muƙaman koyarwa ne ta hanyar hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma hedikwatarta take Wagadugu, kuma a sassa da yawa ƙa'ida ta tanadi cewa malamin da ya kai babban mataki shi ne yake ɗaukar alhakin memuwar na masta, ƙaramin malami kuma ya bi aikin yau da gobe a ƙarƙashinsa. Saboda haka sa hannun farfesan ba ado ba ne: shi ya amince da taken, shi ya ba da izinin a kai aikin gaban juri, kuma idan aka sami babban kuskure sunansa ne zai fara shan tambaya. Shi za ki fara ambata, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Amma fara ambaton mutum daban, jingina masa aikin da bai yi ba daban. Ki gode wa kowa da ainihin abin da ya yi. Ga farfesa ki ce kina gode masa da ya karɓi jagorancin aikin, ya kuma daidaita miki alkiblarsa. Idan a ɗaya daga cikin zaman nan huɗu ne ya ce ki rage yankin binciken ko ki canza tambayar, ki faɗi wannan, domin magana ɗaya takamaimai ta fi kirari goma daraja a kunnen malami. Ga ƙaramin malami ki ce kina gode masa da ya bi aikin babi bayan babi, tun daga takardar tambayoyi har zuwa gyaran ƙarshe. Duk wanda yake cikin juri zai fahimci rabon aikin daga waɗannan jimloli biyu, ba tare da kin rage wa babba daraja ko kin danne haƙƙin ƙarami ba.

Akwai kalmomin da za ki guje wa a nan. Kada ki ce wane ne “ainihin” wanda ya jagorance ki, kada ki ce ba don shi ba da aikin bai yiwu ba, kuma kada godiyar ɗaya ta ninka ta ɗayan tsawo. Irin wannan magana takan jefa ƙaramin malami cikin damuwa fiye da yadda take faranta masa, saboda shi zai ci gaba da aiki a ƙarƙashin wancan farfesa bayan kin karɓi takardarki kin tafi. Tun yanzu ki duba ko an rubuta shi a hukumance a matsayin mataimakin darakta; idan haka ne, sunansa ya kamata ya fito a bangon memuwar da diyapo na farko, a ƙarƙashin na farfesa. Idan ba a rubuta shi ba, kada ki ƙara shi da kanki, ki tambayi farfesan cikin ladabi ko ya ga dacewar hakan. Muƙamai kuma ki karɓo su daga sakatariyar sashe a rubuce, kada ki dogara da yadda ɗalibai suke kiran malami a tsakar makaranta. Kiran dakta da farfesa a gaban farfesoshi kuskure ne, kiran farfesa da dakta ya fi shi muni, kuma harafi ɗaya da ya ɓace a sunan mutum yakan zama abu na farko da zai gani a kan allo.

Abokin da ya zana taswirori wurinsa na farko yana ƙarƙashin kowace taswira. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, a rubuta inda bayanan suka fito da wanda ya zana, kamar haka: `Source : enquête de terrain` sannan `Réalisation :` da sunansa da shekara. Haka za ki yi da duk alƙaluman da ba ke kika tattara ba, misali na ruwan sama idan daga hukumar yanayi kika karɓo su, ko yawan jama'a idan daga ƙidayar 2012 ta hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wato INS, kika ɗauko. Wannan ba ya cin lokaci, kuma yana kare ki. Na taɓa ganin ɗaliba ta nuna taswira mai kyau ƙwarai da sunanta a ƙasa, sai wani mamba ya tambaye ta da wace manhaja ta yi, kuma a ina ta samo iyakokin gundumar. Ta yi shiru, ta waiga cikin zaure tana neman wani da ido. Daga wannan lokaci juri ya fara shakkar sauran aikin, har da ɓangaren da ita ta yi da guminta. Da ta rubuta gaskiya tun farko, da ba wanda zai zarge ta, domin neman taimakon mai zana taswira ba laifi ba ne. Sai dai ambaton sunansa bai ɗauke miki nauyin fahimta ba. Ki zauna da shi awa ɗaya kafin ranar, ya buɗe miki aikin a QGIS ko duk manhajar da ya yi amfani da ita, ya nuna miki yadda ya shigar da wuraren rijiyoyin da kika auna da inda ya samo hoton ƙasa. Idan taimakonsa ya wuce zane ya kai ga lissafi ko fassara sakamako, ki sanar da daraktanki yau, kada ya fara ji a zauren.

Ƙungiyar da ta karɓe ki dole a ambace ta, kuma a faɗi irin taimakon: masauki na estaj, mota, na'urar awo. Dalilin ya wuce ladabi. Idan ƙungiyar tana haƙa rijiyoyi ko tana raba injin ban ruwa a yankin da kika bincika, juri yana buƙatar sanin alaƙarku don ya auna ko ta shafi abin da kika rubuta, kuma gara ya ji daga bakinki. Ki koma ga yarjejeniyar estaj da kika sa wa hannu ki duba ko an rubuta yadda suke so a ambace su, domin wasu masu ba da tallafi suna da jimla ta musamman da suke buƙata. Tambarinsu kuma kada ki ɗauko daga intanet ki liƙa. Ki nemi izini, su ba ki wanda suke amfani da shi. Idan kin sami burus na gwamnati ko na wata hukuma, shi ma a wannan layi zai shiga. Daga cikin ma'aikatan ƙungiyar, wanda ya kula da estaj ɗinki shi kaɗai za a ambata da suna a kan allo, direba da sauran su shiga shafin memuwar, inda akwai fili.

Masu lambu kuwa, ina roƙonki kada ki tsallake su, domin su ne aka fi mantawa alhali da amsoshinsu aka gina babi mafi muhimmanci. Mutumin da ya ajiye ban ruwa da hantsi ya zauna da ke a inuwar dabino yana lissafa miki kamu nawa ruwan rijiyarsa ya ja baya, ya ba ki abin da babu littafin da zai ba ki. Amma godiyarsu a dunƙule ake yi, “masu lambun Gidimuni da suka ba ni lokacinsu”, ba da sunaye ba. Kin yi musu alƙawarin sirri lokacin da kike tambayarsu, kuma a cikin amsoshin akwai maganar kuɗin shiga, da bashi, wataƙila da rikicin iyaka ko ƙorafi a kan wani mai iko. Suna a kan allo, ko hoton fuska ba da izini ba, zai iya haɗa mutum da maganar da ya faɗa a asirce. Maigari ko wakilin da ya buɗe miki ƙofa za a iya ambatonsa da sarautarsa. Godiyar da za ta isa gare su da gaske ita ce ki koma bayan sutanas ki faɗa musu da Hausa abin da kika gano.

Duk waɗannan, wato malamai biyu, ƙungiya, mai taswira da masu lambu, diyapo ɗaya ne zai ɗauke su, mai take `Remerciements`, layi biyar ko shida, kowane suna da aikinsa a gefe. Wurinsa bayan kammalawa da shawarwari ne, kuma sakan 40 zuwa 50 za ki ba shi. Na fifita ƙarshe a kan farko ne saboda dalili biyu. A mintunan farko hankalin juri ya fi kaifi, kuma matsalar bincike ce ta cancanci wannan hankali. Sannan idan lokaci ya ƙure, godiyar da ke ƙarshe za a iya nuna ta a kan allo a faɗi jimla ɗaya a wuce, sunayen sun riga sun bayyana, amma sakamakon bincike ba ya taƙaituwa haka. Abin da zai sa ki sauya wannan tsari shi ne idan sashenku yana da tsayayyiyar ƙa'ida, don haka ki halarci sutanas ɗaya ko biyu a makonnin nan ki ga yadda ake yi, ki kuma nuna wa ƙaramin malamin diyapon kafin ranar.

Wani abu da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne diyapon da ya rage a kan allo lokacin tambayoyi, wanda yakan daɗe fiye da duk sauran, wani lokaci fiye da tsawon bayanin kansa. Asara ce a bar `Merci de votre attention` da hoton fure yana haskawa duk wannan lokaci. Da kin gama godiya kin mayar da magana ga shugaban juri, ki koma kan diyapon kammalawa, wanda yake ɗauke da manyan sakamakonki. A PowerPoint, idan kina cikin nuni, ki buga lambar diyapon ki danna `Entrée`, zai kai ki can kai tsaye. Ki rubuta lambobin muhimman diyapo a ƴar takarda ki ajiye kusa da na'urar, domin za ki buƙace su idan aka ce ki koma kan wata taswira.

Saura kawu da maigida, kuma na san nan ne zuciyarki ta fi nauyi. A memuwar, shafin sadaukarwa, wato `Dédicace`, nasu ne da iyaye, kuma shafin `Remerciements` zai ɗauki sauran sunayen nan duka, a jere daga malamai zuwa hukumomi, zuwa abokan karatu, zuwa dangi. A kan diyapo layi ɗaya na ƙarshe ya isa, “da iyalina”, ki faɗe shi kina duban inda suke zaune, kada ki tsaya, domin a nan ne hawaye yakan zo, kuma kina buƙatar muryarki don amsa tambayoyi. Bayan juri ya dawo daga shawara an miƙe tsaye an faɗi sakamako, sau da yawa shugaba yakan ba ɗalibi dama ya ce wani abu, idan kuma bai bayar ba kina iya nema cikin ladabi. A wannan lokaci babu agogo, babu maki, babu wanda zai ce kina neman sassauci. A nan za ki gode wa juri a kan gyare-gyarensu, sannan ki juya ki ambaci kawu da sunan da kike kiransa a gida, ki faɗi shekarun da ya yi yana biya, ki ambaci maigidanki, da Hausa, yadda Inna da ke bayan zaure za ta ji.

Amma kada ki bar su su gano wannan tsari a zauren. Dattijon da ya biya kuɗin karatu shekara biyar, ya sa babbar riga ya zo ya zauna, ya ji an fara da sunayen baƙi har an kai ƙarshe ba a kira nasa ba, zai iya jin wani abu a ransa ko da bai faɗa ba. Ki je gidansa a wannan mako bayan la'asar, ki tafi da kwafin memuwar, ki buɗe masa shafin sadaukarwa ki karanta masa sunansa, ki fassara masa abin da kika rubuta. Ki ce masa, “Kawu, a gaban malamai minti 20 kaɗai aka ba ni, kuma na bayanin aiki ne, taka godiyar sai an faɗi sakamako, don haka ina roƙo kada ka tashi sai an gama.” Haka za ki yi wa maigidanki, shi kuma ki ba shi aikin zaunar da baƙi da kashe ƙarar wayoyinsu kafin juri ya shigo.